Babi na Shida: Yadda ake gane tsagar bango mai haɗari daga hoto

Da damina ta yi nisa, wajen watan Agusta, mai neman kuɗi a birni yakan ga hoto ya shigo wayarsa daga gida, a ƙasansa an rubuta: "Yaya, dubi bangon ɗakin Inna." Daga nan sai shawara ta rage gare shi. A kwashe tsohuwa daga ɗakin yau, ko a bari sai kaka a shafe wurin da siminti?

Hoto yana iya nuna maka cewa bango na da haɗari, amma hoto guda ɗaya ba ya wanke bango daga zargi. Waya ba ta jin ƙarar bango idan an ƙwanƙwasa, ba ta ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ba ta kuma san yadda tsagar take makon jiya ba.

Hoto uku, ba ɗaya ba

Yawancin masu turo hoto sukan manna waya a jikin tsagar, sai abin da bai kai kaurin zare ba ya fito kamar kwazazzabo. Kada ka yanke hukunci a kan irin wannan. Ka ce a sake ɗauko uku. Na farko daga nesa, taku goma ko fiye, yadda bango zai fito daga ƙasa har rufi, da kusurwoyinsa da duk abin da ke gindinsa. Na biyu daga kusa, an ɗora rula a kan tsagar a inda ta fi faɗi, sannan a inda ta fi tsukewa. Na uku daga cikin ɗaki, daidai bayan wurin. A ɗauka da safe ko da la'asar, lokacin da rana ke bugun bango ta gefe, don a nan ne inuwa ke tona tudu da kwari. Mai ɗauka ya tsaya daidai gaban bango, waya a miƙe. In ya karkata ta, bango lafiyayye sai ya fito kamar zai kife.

Idan babu rula a gidan, katin cirar kuɗi na banki kaurinsa bai kai milimita 1 ba, tsinken ashana kuwa kusan milimita 2 ne. A gwada cusa su a ɗauki hoton haka.

Faɗi

Injiniyoyi suna da ma'aunin da suke bi a ginin bulo. Tsagar da kati ba ya shiga, wato ƙasa da milimita 1, yawanci ta filasta ce kawai. Daga nan zuwa milimita 5 ana toshewa a sa ido. Daga 5 zuwa 15, inda biro ko ƙaramin yatsa ke neman shiga, magana ta wuce ta shafe, sai magini ya zo. Daga 15 zuwa 25 ɓarna ce babba, abin da ya haura 25, wato inci guda, ba a kwana a ƙarƙashinsa.

Sai dai faɗi shi kaɗai yakan yaudari mutum. Tsohuwar tsaga mai milimita 6 da ta shekara goma ba ta motsa ba ta fi sabuwa mai milimita 3 da ke buɗewa kowane mako kwanciyar hankali. A hoto mai kyau ana iya rarrabe su. Tsohuwa bakinta ya dakushe, cikinta ya yi ƙura da yanar gizo, wani lokaci har da gidan zanzaro. Sabuwa bakinta da kaifi, cikinta fes, kuma sau da yawa za ka ga ɓarɓashin filasta a ƙasa daidai gindinta.

Hanyar da tsagar ta bi

Wannan ya fi faɗin tsagar ba da labari. Idan ka ga ƙananan tsage sun bazu ko'ina kamar tafkin da ya ƙafe da rani, filasta ce ta bushe da gaggawa, ko siminti ya yi mata yawa, ko ba a shayar da ita ruwa ba, musamman wadda aka yi da hunturu. Muni ne kawai. Haka siririyar tsaga miƙaƙƙiya a inda bulo ya haɗu da ginshiƙin kankare, in faɗinta ɗaya ne daga sama har ƙasa.

Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace, tana hawa kamar matakala ta bin layin kwaɓi tsakanin bulo da bulo, ko ta fasa bulon kansa ta wuce. Irin wannan tana nufin wani sashe na harsashi ya zauna ya bar ɗan'uwansa. Yawanci kan tsagar na sama yana nuni ne zuwa gefen da ya nutse, saboda haka ka bi ta da ido har sama, sannan ka sauko ka duba abin da ke ƙasan wannan gefe. Kusan kullum za ka tarar da ruwa ne: indararo mai zuba a gindin bango, makwarara daga banɗaki, ramin masai, ko kududdufin da aka haƙi ƙasar gini. Wani lokaci darbejiya ce da aka dasa dab da ɗaki, saiwarta na tsotse damshin laka da rani. A ƙasar fadama, irin ta kwarin kogin Haɗeja, laka takan kumbura da damina ta tsuke da rani, shi ya sa wata tsagar ke buɗe baki a watan Maris ta rufe a watan Agusta.

Tsagar kwance mai tsawo a tsakiyar bango, tare da ciki da ya turo waje, ita ma ba ta wasa ba ce. Hoton gaba ba ya nuna wannan cikin. Sai an rataya igiya da dutse daga saman bango, an ɗauki hoto ta gefe. Idan a tsayin ɗaki tazarar igiya da bango ta bambanta da yatsa biyu tsakanin wani wuri da wani, a kira magini.

A kan ƙofa da taga, a duba linta. Ya kamata ta hau bango aƙalla inci shida kowane gefe. Inda aka gajarta ta, tsaga kan tashi daga kusurwar taga ta yi sama. Idan kuma kankaren ya fashe har ana ganin rodi da jan tsatsa na zubowa, tsatsar ce ke kumbura tana tura kankaren, kuma ba ta tsayawa da kanta.

Ginin ƙasa

Ma'aunin milimita ba ya aiki sosai a nan, domin yaɓe yakan dare da faɗi alhali tubalin ciki lafiya lau. A ginin ƙasa fara duban gindi kafin tsagar. Idan ruwa ya ci gindin bango ya yi masa ƙugu, ko launinsa ya yi duhu don jiƙa har zuwa gwiwa, bangon na iya zubewa ko da tsagar sama siririya ce, saboda jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta ɗaukar nauyi. Sai kusurwa: tsagar tsaye a inda bango biyu suka haɗu, mai faɗi a sama, tana nufin ɗaya yana rabuwa da ɗaya. Sai kuma ƙarƙashin kan azara. Tsagar da ta sauko daga nan tana cewa rufin soro ya sha ruwa ya yi nauyi, ko gara ta cinye kan azarar. A nemi hoton rufin daga ciki, a ga ko ya lotsa, ko ƙasa na zubowa.

Ginin ƙasa da aka shafe da siminti shi ya fi kowanne ruɗin mai duban hoto. Fuska sumul, ciki kuwa ruwa ya shiga ta wata 'yar kafa ya rasa hanyar fita. A sa wani ya ƙwanƙwasa da gindin wuƙa, in ya ji ƙara kamar ta ƙwarya, shafen ya rabu da bango.

Mu bi misali ɗaya

A ce ɗakin bulo ne mai inci tara, rufin kwano, a wani ƙauye kusa da Ringim, ƙarshen Agusta. Hoton nesa ya nuna tsaga ta taso daga ƙasan taga tana hawa kamar matakala zuwa kusurwar gabas. Hoton kusa ya nuna milimita 2 a ƙasa, 8 a sama, baki da kaifi. Hoton ciki ya nuna ta a wuri guda, ke nan ta ratsa bango, ba a filasta ta tsaya ba. A gefen hoton nesa, can kusurwar gabas, ƙasa ta yi baƙi, ruwan kwano ya haƙa rami a gindin bango.

Yanzu sai tambayoyin da hoto ba zai amsa ba. Yaushe aka fara ganinta? Bana. Ƙofa na rufuwa kamar da? A'a, sai an ɗaga ta. An haƙa wani abu kusa? An haƙa masai bara, taku biyu daga kusurwar. Wannan amsa ta ƙarshe ita ta warware zancen: ruwan rufi na jiƙa ƙasar kusurwar, ƙasar kuma na sulalewa wajen ramin.

A ranar za a mayar da Inna wani ɗaki, a cike ramin da ruwan kwano ya haƙa da jar ƙasa a daddaɓe ta gangaro waje, a yi wa ruwan hanya nesa da bango, a daina amfani da masan. Sannan a yi alama. A ja layi da fensir a ƙarshen tsagar sama da ƙasa, a rubuta kwanan wata a jikin bango. A inda ta fi faɗi a ɗiga alama biyu, ɗaya a kowane gefe, tazarar santimita 10 daidai. Kowace Juma'a a auna, a ɗauki hoto daga wuri guda da rula a kai. Wasu magina sukan manna ɗan kwaɓin siminti kamar faɗin tafin hannu a kan tsagar bayan sun kankare filasta, in ya fashe sun san bango na tafiya.

Idan bayan mako uku 8 ta zama 11, ko tsagar ta wuce layin fensir, hoto ya gama nasa aikin. Sai a tokare bangon da katako daga waje, a nemo injiniyan gini ko gogaggen magini ya haƙa gefen harsashi ya gani da idonsa. Gyaran irin wannan da rani ake yi: a cike masan, a ƙara wa harsashi kankare ta ƙarƙashi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa kada ta wuce mita 1, kuma ba a haƙa biyu maƙwabta lokaci guda. Toshe tsagar shi ne aikin ƙarshe. Wanda ya fara da shi ya yi asarar siminti, ya kuma rufe alamar da ake auna motsin bangon da ita.

Idan kuwa awo bai canja ba har damina ta wuce, kada a yi saurin shafewa. A ci gaba da aunawa sau ɗaya a wata har zuwa bazara, musamman a ƙasar laka, a ga abin da rani zai yi mata.