Me ya sa maƙwabcinka yake biyan ƙasa da kai a tallan Google

'Yan uwa masu sayar da turare da oud a Jidda, ga abin da na lura da shi a Google Ads. Kowace kalmar bincike tana samun makin inganci daga 1 zuwa 10, wanda ake ginawa a kan abubuwa uku: dacewar tallan da abin da mutum ya nema, yawan dannawar da ake tsammani, da yadda shafin da mai dannawa ya sauka yake.

Mu ɗauki misali mai sauƙi na tsohon lissafi. Idan ka yi tayin riyal 4 a kan kowace dannawa kuma kana da maki 4, ƙarfinka a gasar talla 16 ne, wato tayi sau maki, alhali wanda ya sa riyal 3 da maki 8 yana da 24. Shi zai hau samanka, kuma abin da zai biya bai wuce 16 a raba da 8 ba, wato kusan riyal 2.

Inda muka fi yin asara shi ne shafi. Mutum ya nemi oud na Kambodiya, tallan ya yi masa alkawarinsa da Larabci, sai ya sauka a shafin farko na kanti mai nauyin buɗewa a waya. Ku duba ginshiƙin Landing page exp., mai nuna ingancin shafin da ake sauka; idan ya nuna Below average, wato ƙasa da matsakaici, ku gyara shafin kafin ku ƙara ko halala ɗaya.