Kurakuran da teloli ke yi wajen sa gamsite a kwala da wuyan riga

Idan kwalar kaftani ta yi ƙuraje bayan wanki biyu, mai kaya yakan ɗora wa mai wanki laifi, alhali tun a kan teburin tela aka yi ɓarnar. Yawancin shagunanmu, daga Tudun Wada har Sabon Gari, bandir ɗaya na gamsite ake ajiyewa, wato abin da ake manna wa yadi ta ciki don ya tsaya, shi za a manna wa shadda, shi za a manna wa boyel, har leshin amarya. Kuskuren farko ke nan, kuma shi ke haifar da sauran.

Abin da ake sa wa yadi a ciki don ya tsaya iri biyu ne: mai gam, wanda zafin dutsen guga ke narkar da shi ya kama yadi, da marar gam, wanda ake ɗinkewa tare da yadin. Kowanne akwai mara nauyi, matsakaici da mai kauri. Ƙa'idar ita ce kada ya fi yadin nauyi, ko dai su zo daidai ko ya ɗan gaza. Sai dai mai gam yana da yaudara: a hannu za ka ji shi da laushi, amma da gam ɗin ya narke ya huce, taurinsa ƙaruwa yake yi.

Na taɓa ɗinka kaftanin farin boyel gab da ƙaramar Sallah, cikin gaggawa na manna wa kwala da bakin hannu gamsite mai kauri irin na shadda. Rigar tana zuba lumui, kwala kuwa ta tsaya ƙiƙam kamar kwali, ga ɗigo-ɗigon gam sun ɓullo ta fuskar yadin. Da aka wanke, boyel ya ɗan tsuke, gamsite bai tsuke ba, sai wurin ya tattare. Irin wannan ba ya gyaruwa da guga. Sabuwar kwala na yanka daga ragowar yadin, na sa mara nauyi, kuma a ɓari ɗaya kawai. Tun daga nan ba na mannawa sai na gwada: in yanki ƙyalle kamar inci 4, in manna wa rabinsa, in bar shi ya huce, sannan in lanƙwasa. Idan ya lanƙwasu a hankali, ya yi. Idan ya karye ya bar layi, ko iyakar gamsiten ta fito ɓaro-ɓaro ta waje, ya yi nauyi, sai a sauka zuwa na ƙasa da shi.

Wani kuskuren kuma a hannu yake. Almajiran ɗinki sukan goga shi kamar masu gugar wando, suna jan dutse gaba da baya, sai ya goce ya tattare. Dannawa ake yi. Ka sa gefen da ke da kaushi, wato mai gam, a bayan yadin, ka rufe da ƙyallen auduga, ka danna daƙiƙa 10 zuwa 15 da matsakaicin zafi, ka ɗaga, ka matsa gaba kana ɗan hawa kan inda ka riga ka danna. Kada ka ɗauke shi da zafinsa, domin sai ya huce gam ke kamawa. Mai dutsen gawayi ya ƙara kula, tunda ba shi da abin daidaita zafi: da farko yana iya ƙona gam, can kuma ya yi sanyin da ba zai narkar da shi ba. In ka sa farce a kusurwa ya ɓare cikin sauƙi, bai kama ba, sake dannawa.

Atamfa mai sitati da yawa ma takan ƙi riƙe gam sosai, gara a jiƙa ta a shanya kafin yanka, ta gama tsukewarta tun da wuri.

Akwai kuma yadin da bai kamata gam ya kusance shi ba sam. Leshi mai huda-huda, gam zai ɓullo ta ramukan. Karan-miski gashinsa kwanciya yake yi a ƙarƙashin dutse, ba ya sake tashi. Mai duwatsu da ƙyalƙyali kuwa zafi na iya narkar da adon. A nan marar gam ake nema, kuma ba lallai a saya ba: oganza mai launin kayan, ko falle ɗaya na yadin shafi, yana tsayar da wuyan rigar leshi ba tare da an gan shi ba. Ka yanke shi a tsayin zare ɗaya da yadin, ka kama su da allura da zare ta gefe don kada su zame, ka bi da keke, sannan ka rage bakinsa kusa da layin ɗinki, in ba haka ba gefen wuya zai yi tudu idan an juya.