Idan aka ɗora maka laifi a imel aka saka kowa a Cc

Wata na huɗu da fara aiki a wani kamfanin kula da tsofaffi a Bradford, ranar wata Alhamis da safe ina buɗe kwamfuta na ga imel daga manajar ɗaya reshen namu, ta saka mutum 14 a Cc har da ogan da ya ɗauke ni aiki, wai albashin ma'aikatanta zai makara wannan watan saboda ban tura takardun awannin aiki a kan lokaci ba, kuma wai ba wannan ne karon farko ba. Wallahi sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. Ina cikin watanni shida na gwaji, bizata a hannun kamfanin take, ga mata ta tsaya gaban kowa tana cewa ban iya aiki ba.

Ku sababbin zuwa wannan abin zai same ku ko ba daɗe ko ba jima, musamman a Birtaniya inda komai na ofis a rubuce yake. Mu kuma daga gida mun taho da hali biyu kuma duka biyun suna cutar da mu a nan. Na farko shi ne shiru, ka ce a bar wa Allah, babba ba a mayar masa da magana, gaskiya za ta yi halinta. To a nan in aka rubuta zargi da sunanka ba ka ce uffan ba, wanda zai zauna duba fayil ɗinka ƙarshen gwaji zai ga zargin ne kawai, shirunka kuma ya ɗauke shi a matsayin ka amsa. Na biyu shi ne wankin kai, ka zauna ka rubuta shafi guda tun daga ranar da ka fara aiki, da rantsuwa da komai. Ni wannan na fara yi.

Allah ya taimake ni kafin in tura na kira wata Antinmu ’yar Zariya da ta shekara fiye da goma tana aikin nas a nan, na karanta mata a waya. Ta bari na kai ƙarshe sannan ta ce, "Ka gama? To yanzu goge sunayen da ke sama tukuna kafin hannunka ya zame, ka je ka sha shayi." Na ce Anti ƙarya fa ta yi min. Ta ce ai ba ita za ka rubuta wa ba, ita ta riga ta yanke hukunci, mutum 14 ɗin da suka yi shiru suna kallo su ne masu karatu.

Wannan maganar ita ta gyara min komai. Waɗancan mutanen ba su san wa ke da gaskiya ba kuma ba su da lokacin bincike, a waya za su karanta tsakanin mitin da mitin, abin da za su riƙe shi ne wa ya kawo rana da lokaci, wa kuma ya kawo hayaniya. Saboda haka aikin farko ba rubutu ba ne, tono ne. Na shiga Sent Items na nemo abin da na tura. Ƙa'idarmu takardu su isa sashen albashi kafin 12 na ranar Laraba, ni kuwa na tura Talata 4:40 na yamma. Guda 23 ake jira, 21 na tura, biyun da suka rage na reshenta ne kuma babu sa hannun mai kula da shif, na kuma rubuta mata tun Litinin ina neman a sa hannu ba ta amsa ba. Amma a cikin tonon na ga nawa guntun laifin, sau ɗaya na tambaye ta, ban sake bi ba ranar Talata, kuma ban gaya wa sashen albashi dalilin da ya sa biyu ba su cikin fayil ɗin ba. Ku yi wannan binciken da gaske, don wani lokacin za ka tarar kashi ɗaya cikin biyar na zargin gaskiya ne, in ka musa shi duka aka zaro wannan ɗayan to sauran huɗun ma sun tafi.

Bayan azahar na rubuta, kuma ga shi na mayar muku da shi Hausa:

"Na gode da kika taso da maganar, na san makarar albashi ba ƙaramin abu ba ne ga ma'aikata. Don kowa ya samu cikakken bayani, an tura takardu 21 cikin 23 ranar Talata 4:40 na yamma, kafin wa'adin Laraba, na maƙala imel ɗin. Biyun da suka rage suna jiran sa hannu daga reshe, na nema ranar Litinin, shi ma na maƙala. Ya kamata a ce na sake bibiya ranar Talata, daga yanzu zan riƙa yin haka. Idan aka sa hannu yau kafin 3 zan tura su nan take. Game da cewa hakan ya taɓa faruwa, ban samu wani lokaci a bayanana ba, in akwai ranar da kike nufi ki turo min in duba. Zan so mu yi magana ta minti goma ni da ke don mu daidaita yadda za mu riƙa yi."

Shi ke nan, bai kai rabin allon waya biyu ba. Ku lura babu inda na ce kin yi ƙarya, babu inda na ce laifinki ne, "suna jiran sa hannu daga reshe" na ce, duk mai ido ya san reshen wa. Ranar da lokacin su suka yi faɗan. Shi kuma zancen "ba karon farko ba" shi ne mafi dafi a imel ɗinta don ba shi da rana ba shi da wata, irin wannan ba a musa shi da rantsuwa, a hankali ake cewa a kawo ranar. Ba ta kawo ba har yau.

Akwai kalma ɗaya da nake roƙon ku ku kiyaye, sorry. Mu a Najeriya sannu muke nufi da ita, mutum ya yi tuntuɓe ka ce masa sorry ba kai ka tura shi ba. Su ma Turawan suna yawan faɗinta a baki, a bas, a layi, amma a rubuce ƙarƙashin zargi in ka buɗe da ita ba tare da ka faɗi a kan me ba, to ka sa hannu a kan duk abin da aka lissafa. In za ka ba da haƙuri ka ɗaure shi a jikin abu ɗaya tak wanda ka tabbatar naka ne. Haka kuma akwai jimlolin da za ka gani a imel ɗin mutane ka ɗauka ladabi ne ka kwafa, irin "as per my last email", wannan a kunnensu kamar ka ce ba ki iya karatu ba ne? Ka bar musu kayansu. Manyan baƙaƙe ihu ne, alamar motsin rai uku a jere ihu ne. Sannan Allah ya isa da Allah ne shaidata, ka faɗe su a kan sallaya, kar su shiga imel ɗin ofis, in aka fassara su Turanci wani sai ya karanta su kamar barazana.

Sai tambayar da kowa ke yi, a danna Reply All ko Reply kawai? Ra'ayina, in zargin ya taɓa gaskiyar aikinka kuma an yi shi gaban kowa, gyaran ma gaban kowa za a yi shi, amma sau ɗaya. In ta dawo da wata maganar kar ka biye mata a yi ta jifa mutane na kallo, layi ɗaya ya isa, cewa za ka ci gaba da maganar da ita da manajanka kai tsaye. In kuwa abin baƙar magana ce kawai babu wani zargi da za a iya aunawa, ba sai ka tara jama'a ba, ka same ta ita kaɗai ko ka kai wa manajanka. Kar ka ƙara sunan wani babba da ba ya cikin jerin tun farko, an ɗauka ka kai ƙara ke nan, kuma ka rabu da Bcc, don wanda ka ɓoye in ya danna Reply All asirinka ya tonu.

Maganar jira kuma, Anti ta ce in sha shayi ba ta ce in kwana uku ba. Awa biyu zuwa uku ya isa zuciya ta sauka, ka amsa a ranar ko washegari da safe. Ni kafin in tura na leƙa wurin manajana na ce ga abin da zan mayar, ya karanta a tsaye ya ce tura. Wannan minti biyun ya sa ba a imel ya fara jin ɓangarena ba.

Wani kuskure da na ga ya kusa cin wani ɗan'uwanmu, ya tura imel ɗin ofis zuwa nasa na kansa wai yana tara hujja, alhali akwai sunayen tsofaffin da ake kula da su a ciki. Wannan karya dokar kare bayanai ne kuma ana iya korar mutum a kai, sai ka tashi daga mai gaskiya ka koma mai laifi. Ka bar imel ɗin inda yake, ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta rana da lokaci da abin da aka ce da waɗanda ke wurin, ba tare da bayanan marasa lafiya ba.

In abin ya zama kullum kai ne, mutum ɗaya, gaban jama'a, to ya wuce gyaran jimla. Kowane wurin aiki ya kamata ya kasance da hanyar shigar da koke a rubuce, tana cikin kundin ma'aikata da aka ba ka ranar farko wanda yawancinmu ba ma buɗewa. A zaman sauraron koken doka ta ba ka damar zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago, shi ya sa nake cewa ku shiga UNISON ko RCN tun kuna lafiya, don galibi ba sa ɗaukar rigimar da ta fara kafin ka zama mamba. Acas, wato hukumar sasanta rikicin wurin aiki, suna ba da shawara kyauta a waya. In kuma kana ganin don launinka ko addininka ake yi maka, dokar hana wariya ta Equality Act ta 2010 ta kare ka tun ranar farko ko kana cikin gwaji, sai dai wa'adin kai ƙara kotun ma'aikata gajere ne, kar ka zauna kana lissafi, ka kira Acas da wuri.

Ita dai manajar ba ta ba ni haƙuri ba, kar ku sa rai da wannan. Ƙarfe 2:15 takardun biyu suka shigo da sa hannu da kalmar godiya guda ɗaya, wannan karon ni kaɗai ta turo wa, na wuce da su sashen albashi. Mitin ɗin minti goman ma mun yi shi sati na gaba, muka tsayar cewa duk Litinin zan tura mata jerin waɗanda ba a sa wa hannu ba, in sake tunatarwa Talata 10 na safe da manajana a Cc.