Kurakuran da masu koyon hoto suka fi yi wajen kwatanta haske

Takardar bayanin aiki da sababbin masu ɗaukar hoto ke turowa kusan iri ɗaya ce. A wurin haske sai ka ga an rubuta "haske mai kyau", ko "hasken yamma mai laushi", shi ke nan. Wanda zai riƙe fitila, da wanda zai zaɓi wuri, da mai aikin da ya biya kuɗinsa, kowa ya karanta ya ɗauko hoto daban a ransa. Sai an je fili a fara musu, rana kuma tana tafiya abinta. Na gaji da ganin wannan. Bayanin haske yana amsa tambayoyi huɗu ne: daga ina yake zuwa, yaya tsayinsa, yaya bakin inuwarsa, wane launi gare shi. Kusan duk kuskuren da zan ambata, barin ɗaya daga cikin waɗannan ne.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne haɗa laushi da rauni. Mutum ya ce yana son haske mai laushi, alhali abin da yake nufi shi ne kada hasken ya yi yawa. Waɗannan abubuwa biyu ne da ba su da alaƙa. Ƙarfi ko rauni yawan hasken ne. Laushi ko kaifi kuwa a bakin inuwa ake ganinsa: in inuwar hanci ta fito a kumatu da baki kamar an ja layi, hasken mai kaifi ne, in ta narke a hankali har ba ka san inda ta ƙare ba, mai laushi ne. Abin da ke kawo wannan shi ne girman abin da ke ba da hasken, yadda yake bayyana daga inda mutumin yake tsaye. Rana duk girmanta, daga ƙasa faɗinta kusan rabin digiri ne kawai a sararin sama, don haka inuwarta take da kaifi. Idan gajimare ya rufe ta, sama gaba ɗaya ta koma fitila ɗaya mai faɗi, haske ya zo ta kowane ɓangare, inuwa ta narke. Ka rage ƙarfin ƙaramar fitila har ta kusa mutuwa, inuwarta tana nan da kaifinta. Ka rataya farin ƙyalle mai faɗi tsakaninta da fuskar, kusa da fuskar, nan take inuwar ta yi laushi.

Wannan ruɗanin ya taɓa cinye mini yini guda da kuɗin mutanen da na ɗauko. Mai aikin ta rubuto cewa tana son hotunan tufafinta a "haske mai laushi na yamma". Muka shirya a inuwar wani dogon gini, muka ɗaga farin ƙyalle, hotuna suka fito sumul, babu inuwa a fuska ko kaɗan. Da ta gani ta ce ba haka take so ba. Ta nuno mini hoton da ke ranta: rana ƙasa-ƙasa tana dukan yadin daga gefe, kowane zaren ɗinki ya tashi da 'yar inuwarsa, inuwar mai sanye da kayan ta miƙe a ƙasa baƙa ƙirin. Wannan haske ne mai kaifi, ruwan zinariya, wanda ba ya kashe ido. Ita "ba ya kashe ido" ɗin ta kira laushi. Aka sake aikin daga farko. Tun daga nan duk wanda ya ce mini laushi, sai na tambaye shi ko yana son ganin inuwar hanci a kumatu ko ba ya so. Amsar wannan tambayar ta fi mini duk sauran bayaninsa amfani.

Wannan ya kawo mu ga sa'ar zinariya, wato ɗan lokacin nan bayan fitowar rana ko gab da faɗuwarta, da haske ke yin ja-ja. Ku daina rubuta sunan kawai kuna ganin kun gama. Da farko dai ba lallai ta cika sa'a ba. Ana lissafa ta ne daga lokacin da rana ta sauko kusan digiri 6 sama da inda ƙasa ta haɗu da sama. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya rana na gangarowa kusan a miƙe, digiri 15 a awa ɗaya, don haka minti 25 ne ko kusa da haka a hannunka. A ƙasashen da suka yi nisa arewa ko kudu tana sauka a karkace, lokacin ya yi tsawo. Wanda ya tsara wurare uku da sauyin kaya biyu a cikin "sa'a ɗaya" zai ƙarasa aikinsa da almuru. Ni da inuwa nake aunawa. In tsayin inuwata ya yi daidai da tsayina, rana na digiri 45, da sauran lokaci. In ta kai ninki shida, rana na wajen digiri 10, kowa ya tsaya a wurinsa. In ta kusa ninki goma, an shiga.

Sannan rana ɗaya a minti ɗaya tana ba da hotuna uku da ba su yi kama da juna ba. In tana bayan mai kyamara, fuskar ta yi ja baki ɗaya, babu tudu babu kwari, mutumin yana ƙanƙance ido. In tana gefe, rabin fuska ya yi zinariya, rabi ya shiga inuwa, kowace ƙyasbi da tamoji su fito. In tana bayan mutumin, gashi da kafaɗu su ɗauki haske, fuskar kuwa ba ta samun komai daga rana, hasken sama ne ke sauka a kanta, shi kuma yana da shuɗi-shuɗi. To wanne kake nufi? Haba, ka faɗa mana! Kuma in ka ce "daga hagu", ka ce hagun wa. Hagun mai kyamara daman wanda ake ɗauka ne. Ni koyaushe da kyamara nake kwatance, kuma ina rubuta hakan a saman takarda.

Zaren hasken nan da ke zagaye gefen kai da kafaɗa, wanda ke raba mutum da abin da ke bayansa, shi ma ana yawan neman sa ba tare da an faɗi sharaɗinsa ba. Mai haskawar dole ya kasance a bayan mutumin, wannan kowa ya sani. Abin da ake mantawa shi ne bayan fage. Zaren ba ya fitowa sai abin da ke baya ya fi shi duhu. Ka tsayar da mutum rana na bayansa, sararin sama fari fat shi ne bayan fage, zaren ya ɓace a cikin farin, ka tashi da baƙar siffa kawai. Ka matsa 'yan taku har duhuwar bishiyoyi ko bangon da ke inuwa ya zama a bayansa, sai ga shi ya fito. Saboda haka duk bayanin da ya ambaci wannan haske bai ambaci bayan fage ba, rabi ne. Ka ƙara da faɗin zaren: in fitilar tana daidai bayan kai, siriri ne ta ɓangarori biyu, in ta karkata gefe, ya yi kauri a ɓangare ɗaya har ya taɓa kumatu. Ka kuma faɗi ko kana son rana ta leƙo idon kyamara, domin in ta leƙo, hoton zai yi hazo-hazo, baƙin ya kwanta. Wasu na so, ni ba na so, tafin hannu nake sa in tare.

Ga yadda nake mayar da "hasken yamma mai kyau" ya zama abin da za a yi aiki da shi. Minti 25 kafin faɗuwar rana. Rana a bayan wadda ake ɗauka, ta karkata zuwa daman kyamara, ba ta cikin hoto. Bayan fage bishiyoyi masu duhu, nesa da ita. Zaren haske mai kauri a gashi da kafaɗar da ke daman kyamara. A auna haske a fuska, ba a sama ba. Fuskar za ta fi ɓangaren rana duhu da kusan mataki biyu, wato kashi ɗaya cikin huɗu na hasken. Farin kwali a hagun kyamara, daidai ƙirji, ya mayar da hasken rana fuskar don ya kashe shuɗin. A kulle launi a 5500K, wato launin hasken tsakar rana a ma'aunin launin haske na Kelvin. Duk wanda ya karanta wannan zai tsaya inda zan tsaya.

Maganar 5500K ɗin nan ma, rashin kulle launin kuskure ne da ake yi kullum. Hasken faɗuwar rana yana wajen 3000K zuwa 3500K. In ka bar kyamara ta daidaita launi da kanta, ja-jan da ka zauna jira shi za ta ɗauka matsala ta rage. Ka kulle ta a launin tsakar rana, zinariyar ta zauna.

Lumshin gari kuma, ana rubuta shi kamar haske ne da ba shi da alkibla. Yana da ita, daga sama yake zubowa. Ka duba fuskar mutum a fili ranar da gajimare ya rufe: goshi da karan hanci sun yi haske, kwarmin ido da ƙarƙashin haɓa sun yi duhu, idon babu ƙyalli. Ina tsayar da mutum a bakin rumfa ko ƙofa yana fuskantar waje, rufin ya tare na sama, hasken ya shigo ta gaba. A takarda ka bambanta gajimare siriri da har yanzu ake ganin inuwa dishi-dishi da mai kauri da babu inuwa sam. Launinsa ya fi na rana sanyi, wajen 6500K ko fiye, kuma ya fi ta rauni: a ISO 100 da 1/100, rana tar tana neman f/16, lumshi mai haske f/8.

Rana tsaka ita ce ake zagi a rufe baki, a rubuta "a guji tsakar rana". Ga fuska, na yarda, tana cika kwarmin ido da duhu, inuwar hanci ta sauka a leɓe. Amma in dole ne a yi aikin a lokacin, ka rubuta abin da za a yi: ƙyalle a saman kai, ko a shiga inuwa a fuskanci fili. In kuma bango mai zane ake ɗauka, hasken da ke gogar sa daga sama shi ke fito da zanen.

Ƙananan da suka saura: kada ka haɗa lumshi da dogayen inuwoyi masu kaifi a bayani ɗaya, ba sa haɗuwa a sama ɗaya. Kada ka rubuta "haske mai ɗumi" kana nufin zafin rana, masu hoto launi za su fahimta. In kuma ka turo hoton misali, ka nuna da yatsa abin da kake so a cikinsa, inuwar ce, ko launin, ko zaren da ke gashin.