Yadda Ake Rubuta Takardar Neman Aikin Ofis Na Farko

Waɗanda suka gama hidimar ƙasa suna yawan tambayata me za su rubuta alhali ba su taɓa aiki ba. A ce ofis na neman mataimakin akanta.

1. Karanta tallar aikin, ka ja layi ƙarƙashin abubuwa biyu da suka fi nanatawa.

2. Rubuta adireshinka, lambar wayarka da kwanan wata a sama.

3. Sa muƙamin mai karɓa da adireshin ofishin a hagu. Hattara: nan masu kwafa suke barin sunan wani kamfanin daban.

4. Faɗi aikin da kake nema da inda ka ga tallar, a jimla ɗaya.

5. Ambaci digirinka, jami'arka da shekarar gamawa.

6. Kawo misali ɗaya na aikin da ka taɓa yi. Nan ne naman takardar. In kai ka riƙe rajistar kuɗin makaranta lokacin hidimar ƙasa, faɗi ɗalibai nawa ne, kuma da Excel ka yi ko a littafi. Lissafin shagon kawunka ma aiki ne. Kada ka rubuta "ba ni da ƙwarewa", kada kuma ka ƙara gishiri, don za su tambaye ka ranar ganawa.

7. Cire roƙo. "Ku taimaka mini saboda Allah" ba ta samo aiki.

8. Sa hannu sama da cikakken sunanka.

9. Ba wani ya duba, kada ta wuce shafi ɗaya.

10. Mayar da ita PDF kafin ka tura.