Taki Sai Ya Dahu: Kurakuran da Ke Kai Cuta Daga Turke Zuwa Gona

A yawancin gidajenmu, abin da ake kira haɗa taki bai wuce a share turke a zuba a juji ba. Idan bazara ta zo a loda a mangala ko amalanke a kai gona. Kuskure na farko ke nan, kuma shi ya haifi sauran. Kashin da ya shekara a bushe ba lallai ne ya tsarkaka ba, domin ƙwayayen tsutsar ciki da wasu ƙwayoyin cuta suna iya yin watanni a cikinsa da ransu. Abin da ke kashe su da wuri shi ne zafin da tsibin taki yake haifarwa da kansa yayin da yake ruɓewa. Ana son cikin tsibin ya kai digiri 55 a ma'aunin salsiyos. Ƙa'idar da masu sana'ar suke bi ga tsibin da ake juyawa ita ce ya riƙe wannan zafi kwana 15, a juya shi sau biyar a cikinsu.

To me ke hana tsibi yin zafi? A wurinmu galibi ƙishirwa ce. Mutum zai tara kashin awaki a watan Janairu, iskar hunturu tana kaɗawa, ya dawo bayan wata uku ya tarar da shi yadda ya bar shi, sai dai gara da ta shiga. Ƙananan halittun da ke ruɓar da taki ba sa aiki sai da laima. Gwajin ba wuya: ka damƙi cikin hannu daga tsakiyar tsibin ka matse. Idan ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsunka, ya yi daidai. Idan ya warwatse, yana son ruwa. Idan ruwa na zuba kuma yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya sha da yawa har iska ta kasa shiga, sai a baje shi a ƙara busasshen kara. Wannan ya fi faruwa ga masu zuba taki a rami da damina, inda ruwa ke kwanciya a ƙasa.

Sai ƙanƙanta. Tsibin da bai kai mita ɗaya a tsayi da faɗi da tsawo ba, zafinsa yana fita da sauri kamar tuwo a faranti. Wanda ya wuce mita ɗaya da rabi a tsayi kuma yakan danne kansa.

A ce mai lambu yana da baro goma na kashin tumaki da awaki, da baro biyu na kashin kaji, kuma yana son takin ya isa shuka. Ya samu wuri mai inuwa, mai ɗan tudu, nesa da rijiya, kuma ba inda ruwan sama zai wanke shi ya kai wa turke ko mashayar dabbobi ba. Ya shimfiɗa karan dawa a ƙasa kamar taƙi ɗaya don iska ta samu hanya. Sai ya riƙa jerawa: kashi, sannan busasshen abu irin su ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, yankakken kara ko ragowar ciyawar da dabbobi suka tattake, yana yayyafa ruwa a kowane hawa. Busasshen abin ya kai yawan kashin, ko ya ɗan fi. Kashin kaji shi ya fi bukatarsa, don yana da ƙarfi. Idan tsibi yana warin da ke shiga ido kamar tsohon fitsari, to sinadarin da amfanin gona ke bukata ne yake tsiyayewa cikin iska, kuma maganinsa ƙarin ƙaiƙayi. Saboda wannan dalilin ne ban yarda a juye tokar murhu a cikin ɗanyen kashi ba, duk da al'adarmu ce: toka tana ƙara korar wannan sinadari. A ajiye ta daban a kai ta gona. Idan ya gama, ya rufe da tsofaffin buhuna ko ciyawa.

Cikin kwana biyu zuwa huɗu ya kamata tsakiya ta ɗau zafi. Wanda ba shi da ma'auni ya soka rodi har ciki, ya bar shi minti goma ya zare. Idan ƙarfen ba ya riƙuwa a hannu sai na ɗan lokaci kaɗan, aiki na tafiya. Idan ɗumi-ɗumi ne kawai, da saura.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na wanda ya yi duk wannan, ya ga tururi na tashi da safe, ya ce ai shi ke nan. Tsakiya ce kaɗai ta dahu. Ɓawon waje, kamar taƙi guda ko fiye, bai ji wuta ba, kuma nan ne ƙudaje ke ƙyanƙyasa, nan ne ƙwayayen tsutsa da irin ciyawa ke tsira. Juyi ba motsawa da shebur ba ne kawai. A yaye na waje a ajiye shi ya zama sabuwar tsakiya, a kwaso na ciki a lulluɓe shi da shi, a ƙara ruwa idan ya bushe. A yi haka duk bayan kwana uku har sau biyar. Daga ranar da aka rufe tsibi kuma, kada a ƙara masa sharar turke ko da kwano ɗaya ce. Sabon kashi yana mayar da ƙidayar kwanaki farko. A buɗe masa tsibi na biyu, kuma a wanke shebur da baro kafin a taɓa dafaffen taki da su.

Akwai abin da zafin taki ba ya iya masa. Ƙwayar ciwon saifa tana yin shekaru da yawa a ƙasa, kuma cutar ba labari ba ce, an tabbatar da ita a wata gona a yankin Suleja ta Jihar Neja a watan Yulin 2023. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta, kada kashinta ko shimfiɗarta su shiga tsibi. A kira likitan dabbobi. Haka kashin gidan kaji da aka yi mace-mace a ciki, kada a saye shi don araharsa, balle a baje shi inda kajin gida ke tono. Kashin kare, da na mage, da bayan gidan yara, su ma ba su da wuri a tsibin. Mai rauni a hannu ko ƙafa ya rufe shi ya sa takalmi, don ƙwayar cutar sarƙe-haƙora tana cikin kashin dabbobi.

Idan juyi ya daina tayar da zafi, a bar tsibin ya huta wata ɗaya ko biyu. Dafaffen taki baƙi-baƙi ne, yana marmashewa, yana ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari, kuma ba ka gane kashin akuya a ciki. Wanda gaggawa ta sa dole ya yi amfani da ɗanye, ya kai shi gonar dawa ko masara ya binne a kunya kafin shuka, kuma kada ya baje shi inda tumaki za su yi kiwo nan kusa. A lambun latas, karas da kabeji, da ake ci ɗanye kuma suna taɓa ƙasa, a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashi da girbi. Latas yana isa yanka tun kafin wannan wa'adi ya cika, don haka dafaffen taki kaɗai ya halatta a fangalinsa.