Yadda ake daidaita sitatimen na banki da littafin kuɗin shago, a gano abin da bai haɗu ba

Ƙarshen wata ya yi, littafin shige da ficen kuɗinka ya ce akwai ₦1,842,500 a asusu, banki kuma ya ce ₦2,090,185. Bambanci ₦247,685. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su fara neman wata transifa ta 247,685 a cikin sitatimen, kuma ba za su same ta ba don babu ita, abubuwa da yawa ne suka haɗu suka haifi wannan lambar, wasu suna ƙarawa wasu suna ragewa. Don haka manta da jimillar tukuna, layi-layi za mu bi. Da wannan misalin zan yi aiki har ƙarshe, ka ɗauka shagon sarin kayan masarufi ne, watan Maris.

Da farko sauko da sitatimen ɗin a matsayin Excel ko CSV, ba PDF ba, daga 1 ga wata zuwa 31. In PDF kaɗai bankinka ke bayarwa a waya, nemi su turo maka na Excel ta imel, kwafa daga PDF yana cakuɗa layuka. Zuba shi a shafi guda ka sa masa suna Banki, littafinka kuma a wani shafin mai suna Littafi, duk a fayil ɗaya. Kuma kafin komai duba kuɗin da aka buɗe wata da shi. In na littafi da na banki sun bambanta tun ranar 1 ga Maris kuma ba ka da takardar da ta bayyana dalili daga Fabrairu, to matsalar ba ta Maris ba ce, koma baya ka gyara wancan watan, in ba haka ba wahalar banza za ka sha.

Sai gyaran fayil ɗin banki, nan ne mutane suka fi faɗawa rami ba su sani ba. Sau da yawa lambobin da ke cikinsa rubutu ne kawai a idon Excel, ga su nan kamar lamba amma ba ya lissafa su. Alamar ita ce sun jingina a gefen hagu na akwati, ko in ka tara su a ba ka sifili. Gwada wannan a gefe:

```
=ISNUMBER(D2)
```

In ya ce FALSE a akwatin da ke da kuɗi a ciki, zaɓi duk layin tsayen, je Data, Text to Columns, danna Finish, galibi wannan ya isa. Haka kwanan wata, a lura kada 04/03 ya koma 3 ga Afrilu alhali 4 ga Maris ake nufi. Share layukan ado na sama da na ƙasa, sannan ka gwada fayil ɗin da kansa: kuɗin buɗewa, a ƙara duk abin da ya shigo, a cire duk abin da ya fita, dole ya ba ka kuɗin rufewa da bankin ya rubuta. In bai bayar ba akwai layin da ya ɓace wajen saukowa, sake sauko da shi.

Yanzu wani abu da ke rikita sababbin akawu: abin da banki ya rubuta a ƙarƙashin Credit shi ne kuɗin da ya shigo maka, Debit kuma wanda ya fita, alhali a littafin akanta akasin haka ne, don bankin daga ɓangarensa yake rubutu, kuɗinka bashi ne a kansa. Kada ka tsaya jayayya da wannan, mayar da kowane ɓangare lamba ɗaya, shiga ta zama tarawa, fita ta zama da alamar ragi. A shafin Banki, in C ne Debit, D ne Credit, sa wannan a E2 ka ja shi ƙasa:

```
=ROUND(D2-C2,2)
```

A shafin Littafi ma haka, shiga a cire fita, a E. Jera duka shafukan biyu bisa kwanan wata.

To ga zuciyar aikin. Da yawa suna yin VLOOKUP a kan adadin kuɗi kawai, kuma wannan yaudara ce, domin in kwastomomi uku sun biya 75,000 kowanne a littafinka amma biyu ne suka shiga banki, fomular za ta ce duk ukun an gan su, tunda kullum na farko take kamawa. Maganin shi ne kowane adadi ka liƙa masa lambar karo na nawa ke nan ya fito. A F2 na duka shafukan:

```
=E2&"|"&COUNTIF(E$2:E2,E2)
```

Sai 75,000 na farko ya zama 75000|1, na biyu 75000|2, na uku 75000|3. Sannan a G2 na shafin Banki:

```
=IF(COUNTIF(Littafi!F:F,F2)>0,"OK","BABU")
```

A shafin Littafi kuma irinta, sai dai ka sauya Littafi da Banki a cikin fomular. Dole a yi ta ɓangare biyun, wanda ya duba gefe ɗaya rabin aiki ya yi. Sa Filter a G, zaɓi BABU. A cikin layuka ɗari uku da wani abu, watakila talatin ne za su rage, kuma mafi yawansu ƴan cajin banki ne.

Fara da su don su bar maka hanya. Kuɗin transifa irin su 10.75, 26.88, 53.75, harajin naira 50 da ake cira a kan transifar dubu goma zuwa sama, kuɗin alat na tes, kuɗin kula da asusu. Ba wanda ke rubuta waɗannan a littafi kullum kuma ba laifi ba ne. Tara su, a misalinmu sun kama ₦2,315, ka shigar da su layi ɗaya a littafi a matsayin cajin banki na Maris. Daga nan nemi tagwaye a gefen banki, wato kuɗi ya fita 40,000 sannan ya dawo 40,000 a ranar ko bayan kwana biyu, galibi da REV ko RVSL a bayanin. Transifa ce ta faɗi aka maido, suna kashe juna, yi musu alama ka wuce. Sai dai in ka ga fitar ba ka ga dawowar ba, wannan kam a rubuta wa banki da lambar shaidar transifar.

Abin da ya rage yanzu shi ne ainihin aikin. A gefen Banki akwai shiga 120,000 da fita 254,000. A gefen Littafi akwai fita 245,000, shiga 75,000, fita 300,000 da shiga 86,000.

Dubi 254,000 da 245,000, rana ɗaya, dila ɗaya. Bambancinsu 9,000. Duk lokacin da bambanci ya rabu da tara ba saura, fara zargin an juya lambobi biyu wajen rubutu, 54 ta zama 45. Ɗauko rasit ka tabbatar, in 254,000 ne a rasit to littafi ne ya yi kuskure, a rage masa 9,000. Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne a rubuta fita a gurbin shiga, shi kuma ana gane shi da cewa bambancin ya ninka adadin sau biyu, kuma za ka ga lamba ɗaya a jerin BABU na duka ɓangarorin, ɗaya da ragi ɗaya babu.

Ita 120,000 ɗin, karanta bayanin da ke gefenta, sunan wanda ya turo yana nan. Wani mai ɗaukar kaya bashi ne ya biya ranar Asabar da dare bai kira kowa ba. A shigar a littafi, a kuma rage masa a littafin bashi, in ba haka ba wata mai zuwa yaron shago zai je ya tambaye shi kuɗin da ya riga ya biya, a yi ta rantse-rantse. In sunan ba ka san shi ba, shigar da shi a wani gurbi na kuɗin da ba a san mai shi ba, kada ka lissafa shi cikin ciniki, kada kuma ka kashe, mai shi na iya zuwa.

Sai 75,000, ita ce mai zafi. Littafi yana da uku, banki biyu. A nan fa ka yi hattara, fomular ta ɗora BABU a kan na ƙarshe ne kawai saboda shi ne na uku a jeri, ba wai lalle shi ne bai shiga ba. Buɗe duka ukun ka gwada sunaye da ranaku da na banki. Ko dai an rubuta biya ɗaya sau biyu, mai shago ya rubuta da safe akawu ya sake rubutawa da yamma, ko kuma wani ya nuna hoton transifa a waya aka ba shi kaya alhali kuɗi bai shigo ba. In na farko ne a soke layin, in na biyu ne a cire shi daga kuɗin banki a mayar da shi bashi a kan mutumin. Ko wanne ne, littafi ya ragu da 75,000.

Biyun da suka rage kada ka taɓa su, ba kuskure ba ne, lokaci ne. 300,000 cak ne da aka rubuta wa mai kawo kaya ranar 30, bai kai banki ba tukuna. 86,000 cinikin POS ne na ranar 31 da bai sauka asusu ba sai 1 ga Afrilu. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce, leƙa sitatimen na kwanakin farkon Afrilu. Na sha ganin akawu ya share irin waɗannan daga littafi don lissafi ya daidaita da wuri, Afrilu na zuwa sai su fito a banki ba su da abokan haɗi, a sake sabon bincike. Game da POS ɗin, in kamfanin na'urar yana cire kamashonsa kafin ya zubo, ko yana haɗa cinikin yini ya turo dunƙule ɗaya, fomular ba za ta taɓa haɗa su ba, sai ka tara na ranar da hannu ka gwada, ragowar ka shigar a caji.

Yanzu lissafi. Littafi 1,842,500, a ƙara 120,000, a cire 9,000, a cire 75,000, a cire 2,315, ya zama ₦1,876,185. Banki 2,090,185, a cire cak ɗin 300,000 da bai fita ba, a ƙara 86,000 da ke hanya, shi ma ₦1,876,185. Wannan shi ne kuɗin da shagon ke da shi a gaskiya, ba wanda alat ya nuna ba, kuma shi za a buɗe littafin Afrilu da shi.

In naka bai haɗu ba, ya rage naira ɗari biyu da ƴan kwabbai, kada ka ƙirƙiri layin "sauran caji" ka rufe. Ƙaramin bambanci na iya zama manyan kurakurai biyu da suka kusa kashe juna. Koma jerin BABU ka tabbatar kowane layi ka ba shi gida, ka kuma duba cewa fomular ta kai layin ƙarshe, don sau da yawa ana ja ta tsaya a tsakiya inda aka sami layin da babu komai.

Cak ɗin 300,000 da kuɗin POS 86,000 ka rubuta su a wani shafi daban da kwanan watansu, su ne farkon abin da za ka nema a sitatimen na Afrilu kafin ka fara fomula, don za su fito BABU a gefen banki tunda littafi ya ɗauke su tun Maris. In cak ɗin ya yi makonni bai fita ba kira mai shi ka ji, domin bayan wata shida banki ba zai biya shi ba, sai a soke a maido da kuɗin cikin littafi, bashin mai kayan kuma ya koma yadda yake.